Gargaɗi ga masu dawowa gida da fanshon Amurka: aikin awa 45 na iya cinye kuɗin wata guda

Wannan gargaɗi ne ga duk gidan da ke Ɗanbatta da kewayenta, daga Makoɗa har bakin iyakar Kazaure, wanda yake da uba ko yaya ko kawu da ya yi aiki a Amurka, ya fara karɓar fanshon gwamnatin can ko yana shirin farawa, alhali bai cika shekara 67 ba. A isar masa da saƙon nan tun kafin ya sa hannu a takardar kama aiki, tun kafin ya buɗe shago ko ya zuba kaji a keji. Idan ya yi aikin da ya haura awa 45 a cikin wata ɗaya a nan gida, hukumar da ke biyansa tana da ikon riƙe kuɗin wannan watan ɗungurungum, ko da abin da aikin ya kawo masa bai kai kuɗin man motarsa ba. In kuma ya yi shiru aka gano daga baya, bashi ne a kansa, da tara a kan bashin.

Kafin maganar ta bazu a majalisa ta canza kama, bari in fara da waɗanda ba ta shafa ba, don su ne mafi yawa. Malamin makarantar da ya yi ritaya a ƙaramar hukuma, da tsohon ma'aikacin jiha da ke karɓar fanshonsa daga Asusun Fansho na Jihar Kano, da ma'aikacin tarayya ko na kamfani da ke cikin tsarin adashin fansho da hukumar PenCom ke sa wa ido tun dokar 2004 da aka sabunta a 2014, duk su ci gaba da nomansu da kasuwancinsu. A tsarin adashi kuɗin asusunka ne, abin da aka yanka daga albashinka da abin da mai aikin ya ƙara, kuma babu mai zuwa ya ƙirga buhunan geronka don ya rage maka. Matsalar ɗan fansho a nan ita ce jinkirin biya da ƙanƙantar kuɗin, wannan kuwa zance ne na wata rana. Kada wani ya ji rabin labari ya bar gonarsa ta yi saura.

Waɗanda abin ya shafa ba su da yawa, amma kowannensu gida guda yake ɗauke da shi, wani ma gidaje uku. Su ne mutanenmu da suka tafi karatu ko neman kuɗi tun shekarun 1980, da waɗanda suka samu bizar ƙuri'a bayan an fara ta a 1995. Wanda ya tafi yana ɗan shekara talatin a lokacin, yau ya ba sittin baya. Sun tuƙa tasi a New York, sun yi jinya a asibitocin Houston, sun koyar, sun yi gadi, ana yankar harajin fansho daga albashinsu kowane wata. Duk wanda ya tara maki 40, wato kimanin aikin shekara goma, ya cancanci fanshon da suke kira Soshiyal Sikiyuriti, wanda hukumar da ake rubuta wa SSA a saman takardunta take biya. Yanzu ne ayarinsu ya fara juyowa gida, kuma kusan kowa da buri iri ɗaya: in karɓi dala, in zauna kusa da dangi, in kama wata 'yar sana'a don kada zaman banza ya kwantar da ni. A wannan 'yar sana'ar tarkon yake.

Tushen maganar shekaru ne. Doka ta yarda mutum ya fara karɓa yana da shekara 62, amma cikakken shekarun ritaya ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama 67 ne. Wanda ya fara a 62 za a rage masa kashi 30 cikin ɗari. Wannan kowa ya sani, kuma da yawa sun yarda da ragin da idonsu buɗe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tsakanin ranar da ka fara karɓa da watan da ka cika shekarun, hukumar tana auna aikin da kake yi. A wurinta fanshon madadin albashin da ka daina samu ne. In kana samun albashin, ba ta ga dalilin biyanka cikakke ba. Daga watan da ka cika shekarun kuwa awon ya faɗi, ka yi aikin duk da ka ga dama. Haka dokar take tun shekarar 2000, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya sa hannu aka ɗage awon daga kan waɗanda suka cika shekarunsu. Birtaniya ta soke irin nata tun 1989. Amurka ta bar shi a kan masu fara karɓa da wuri, kuma har yau yana nan.

Awon iri biyu ne, kuma rikita su shi ne ke jefa mutane a rami. Na farko awon kuɗi ne, shi ne wanda kowa ya sani a can. A 2025 an yarda wanda bai cika shekarun ba ya samu dala 23,400 a shekara ba tare da an taɓa fanshonsa ba. A 2026 iyakar ta koma dala 24,480. Duk dala biyu da ya samu a saman iyakar, a riƙe masa dala ɗaya. A shekarar da zai cika 67 ana sassautawa: iyakar 2026 dala 65,160 ce, ana riƙe ɗaya cikin kowace uku, kuma watannin da suka gabaci watan cikar ne kawai ake lissafawa. Abin da ake ƙirgawa shi ne albashi tun kafin a cire haraji, da ribar sana'ar kai bayan an fitar da ɗawainiya. Kuɗin hayar gida, da ribar hannun jari, da fanshon wani kamfani ba sa shiga.

Mu ɗauki misali. A ce wani Alhaji, da ya jira 67 zai riƙa karɓar dala 2,000 a wata, sai ya fara a 62 aka mai da shi dala 1,400. Yana can yana ci gaba da aiki, a 2026 zai samu dala 36,480. Ya haura iyaka da dala 12,000, za a riƙe rabinta, dala 6,000. Hukumar ba ta yankar kaɗan-kaɗan kowane wata yadda mutum zai iya jurewa. Tsayar da biyan take yi gaba ɗaya daga farkon shekara har kuɗin su cika. Wata huɗu dala 5,600 ne, ba su isa ba, sai a haɗa da na biyar. Wato na Janairu zuwa na Mayu babu ko sisi, rarar dala 1,000 da aka riƙe kuma sai shekara mai zuwa a mayar masa. Wanda ya saba aiko wa gida kuɗin hatsi da na makaranta daga wannan fansho, iyalinsa a Ɗanbatta ne za su fara jin rashin, su da ba su san dalili ba.

Da ciwo, amma aƙalla da lissafi a ciki: iya samunka, iya abin da za a riƙe. Mutumin da ya san wannan doka yakan dawo gida hankali kwance. Yana ganin, ai ni ko shekara zan yi ina aiki a Kano, albashin naira ba zai kai dala dubu ashirin da huɗu ba, saboda haka na tsira. Lissafinsa daidai ne, sai dai ba da wannan mudun za a auna shi ba.

Ga wanda ke zaune a wajen Amurka yana aikin da ba a yankar masa harajin fanshon Amurka, akwai awo na biyu, awon lokaci. Hukumar ta san ba za ta iya bin darajar kuɗin kowace ƙasa da albashinta ba, sai ta ajiye kuɗi gefe ta kama awoyi. Duk watan da ka yi aiki fiye da awa 45, babu biya a wannan watan. Ba rabi ba, ba kashi uku ba, duka. Ba a tambayar nawa ka samu. Naira dubu hamsin da naira miliyan biyar hukuncinsu ɗaya.

Awa 45 ba wani abu ba ne. Ma'aikacin ofis da ke yin awa takwas a rana ya wuce ta a rana ta shida. Manomin da ke fita ƙarfe bakwai na safe ya dawo ƙarfe ɗaya, a rana ta takwas ya ƙetare, alhali noman fari ma bai gama ba. Ko wanda ya ce shi ranar kasuwa kawai yake fita, ya duba kalanda. Kasuwar Ɗanbatta ran Lahadi take ci. In yana zama a rumfa ko a kara awa goma, Lahadi huɗu awa arba'in ne, yana ƙasan iyaka. Amma akwai watanni masu Lahadi biyar, a 2026 su ne Maris da Mayu da Agusta da Nuwamba. A waɗannan ya yi awa hamsin, fanshon watan ya tafi, ba tare da ya canza komai a al'adarsa ba. Ban ma sa lokacin da ya ɓata wajen sarin kaya da biyan yara da zaman lissafi ba, waɗanda su ma aiki ne.

Mu dawo kan Alhajin namu mai dala 1,400. Ya tattaro ya dawo, ya gyara gidan gado, sai masu wata makarantar kuɗi suka zo gaishe shi. Suka ce, ranka ya daɗe, kai da ka ga duniya, zo ka riƙe mana makarantar nan ko na shekara ɗaya ce, yara su amfana. Ba ma iya biyanka, ga dai naira dubu ɗari da hamsin a wata ka sa mai. Ya ji kunyar ƙi, kuma a gaskiya yana son aikin. Litinin zuwa Juma'a, takwas zuwa biyu: awa talatin a mako, ya haura ɗari da ashirin a wata. Idan muka ɗauka dala ɗaya naira 1,500 ce don sauƙin lissafi, fanshonsa na wata naira miliyan biyu da dubu ɗari ne. Ya karɓi dubu ɗari da hamsin, ya saki miliyan biyu da dubu ɗari. A shekara, dala 16,800 ya rasa saboda albashin da bai wuce dala 1,200 ba. Da a can ya samu wannan kuɗin, ko kallonsa hukumar ba za ta yi ba.

Zai ce ai ban da watan dogon hutu. A'a. A ƙa'idar hukumar, wanda yake da yarjejeniyar aiki ana ɗaukarsa mai aiki ne ko da rashin lafiya ko hutu ya hana shi fita. Haka kuma ɗan littafin da take rabawa masu zama a ƙasashen waje ya sa mai kasuwanci, ko mai kaso a cikinsa, a layin masu aiki ko da bai taka shagon ba, ko da bai ci riba ba. Wannan ya kamata ya tayar da hankalin duk wanda ya yi rajistar kamfani ko gidan kaji da sunansa ya bar wa ƙane ko ɗa yana juyawa. Ba cewa ake lallai sai an riƙe kuɗinsa ba, amma shi zai yi bayani ya nuna wanda ke gudanarwa da iya awoyin da shi kansa yake sawa. Ba da baki ake wannan bayani ba, da takarda ne.

Sai wata tambaya da ke raba mutum biyu masu gona ɗaya: wane fasfo ke aljihunka? Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar fansho da Amurka. Saboda haka wanda ya zama ɗan ƙasar Amurka, in sana'ar kansa yake yi a nan, noma ko kiwo ko shago, dokar can tana binsa har Ɗanbatta: da zarar ribarsa ta kai dala 400 a shekara, ana binsa harajin fansho na masu sana'ar kai. Nauyi ne, amma yana da amfani ɗaya. Tunda aikin nasa yana ƙarƙashin harajin, da awon kuɗi za a auna shi, ba da awa 45 ba, kuma ribar gonar shinkafa a Tomas da wuya ta kai dala dubu ashirin da huɗu. Sharaɗin shi ne ya riƙa cike takardar harajinsa yana bayyana sana'ar. Amma wannan mutumin, ranar da ya karɓi aikin albashi a makaranta ko asibiti ko kamfanin Nijeriya, ya faɗa awon awoyi, fasfonsa ba zai cece shi ba.

Wanda kuwa bai karɓi zama ɗan ƙasa ba, ya mayar da katin zamansa ya dawo da koren fasfo, awon awa 45 ne a kansa ta kowace fuska, aikin albashi ne ko sana'ar kai. Ɗan Nijeriyar da ya tara maki 40 ko ya zauna shekara goma a can yana iya ci gaba da karɓar fanshonsa a gida, wannan ba matsala. Matsalar ita ce shi ne ya fi kowa kusa da tarkon, kuma shi ne aka fi tsammanin zai koma gona gadan-gadan. Mai katin zama da bai mayar ba yana tsaka-tsaki, ya nemi a rubuta masa matsayinsa, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Maganar noma tana buƙatar a tsaya a kanta, don a ƙasar nan ba a raba dattijo da gona. Ko'ina ka duba tsakanin Ɗanbatta da ƙauyukanta gonaki ne manne da juna, kowane taƙi da mai shi, kuma wanda ya dawo daga tafiya abu na farko da 'yan'uwa ke nuna masa shi ne rabonsa na gado. Hukumar ta san da irinmu, har takarda ta musamman gare ta a kan noman mazauna waje, mai lamba SSA-7163A, ƙari a kan SSA-7163 da ke tambaya a kan aiki da sana'a. Abin da take son ganewa shi ne ko nomanka sana'a ce. Gero da dawa da wake da ake zubawa a rumbu gida ya ci, daban suke da riɗi ko gyaɗa da aka noma don a kai kasuwa, daban da raguna ashirin da aka turke don Babbar Salla. Iyakar ba a fili take ba, domin a nan kowa yakan fitar da buhu biyu ya sayar in buƙata ta taso. Don haka a rubuta gaskiyar abin da aka noma, da abin da aka ci, da abin da aka sayar, da wanda ya yi aikin. Wanda ya ba da gonarsa haya yana karɓar kuɗin shekara, bai sa hannu a noman ba, ya fi kowa sauƙi, don kuɗin haya ba ladan aiki ba ne. Amma in kullum yana bakin gona yana nuna inda za a zuba taki, yana biyan 'yan ƙwadago, ba mai ba da haya ba ne, manomi ne, kowane suna aka sa wa abin.

Na san abin da ake faɗa a zaure: Yaya, wa zai gaya musu? Daga ofishinsu na Baltimore za su hango ka a gona? Gaskiya ba za su hango ka ba. Kai za ka gaya musu da hannunka, ko ka yi musu ƙarya da hannunka. Mazauna waje ana aiko musu da takardar tambayoyi mai lamba SSA-7162 duk shekara ko duk shekara biyu, kuma a cikinta akwai tambaya ƙarara ko ka yi aiki ko ka mallaki kasuwanci. In ba ka mayar ba, a tsayar da biya. In ka ce e, a aiko maka da ta biyu a tambayi watanni da awoyi, a koma baya a lissafa. In ka ce a'a alhali kana yi, ka sa hannu a kan ƙarya a takardar gwamnati, laifi ne mai zaman kansa a dokarsu, ga kuma cin abin da ba hakkinka ba, wanda ba sai malami ya fassara maka ba. Kuma sirrin da ke da hoto a allon makaranta, da suna a rajistar kamfani, da bidiyon buɗe gidan kaji yana yawo a wayoyi, ba sirri ba ne.

Doka ba ta ce ka jira takardar tambayoyi ba. Wajibi ne ka sanar da aikin kafin ka karɓi kuɗin wata na biyu bayan watan da ka yi shi. Wanda ya makara ba da hujja ba, bayan kuɗin da zai mayar akwai tara: karon farko daidai da fanshon wata ɗaya, karo na biyu ninki biyu, na uku ninki uku. Alhajinmu da ya yi shekara a makaranta bai sanar ba zai buɗe wasiƙa ya ga ana binsa dala 16,800, ga yiwuwar tarar dala 1,400 a kai. Kuɗin kuwa an riga an ci, an yi rufin ɗaki, an aurar da yarinya. Hukumar ba za ta kai ƙara Kano ba, ba ta da buƙata, tunda kuɗinsa ta hannunta suke bi. Tun Afrilun 2025, abin da take yi in mutum bai nemi sassauci ba shi ne riƙe rabin fanshon kowane wata har bashin ya ƙare. Dala 700 a wata, bashin shekara ɗaya zai ɗauki shekara biyu cur.

Wanda irin wannan wasiƙa ta riga ta same shi, kada ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Yana da kwana 60 ya nemi a sake duba hukuncin da takarda mai lamba SSA-561, in yana ganin an ƙirga masa watannin da bai wuce awa 45 ba. Yana iya neman a yafe da SSA-632 in zai nuna ba laifinsa ba ne kuma biya zai ƙuntata masa, ko ya nemi a rage abin da ake yanka da SSA-634. Kowa ya san yadda wasiƙa daga waje ke isowa ƙauye, in ma ta iso. A tabbatar adireshin da hukumar ke da shi na wanda zai buɗe ya kira a ranar ne, ba na gidan hayar da aka bari shekara uku da suka wuce ba.

Ba shi kaɗai abin ke taɓawa ba. Idan akwai mata ko ƙananan yara da ke karɓar kaso a kan aikinsa, watan da aka riƙe nasa saboda awoyi, nasu ma an riƙe. In kuwa matar ce ta yi aikin, nata kaɗai ake taɓawa. Matar da mijinta ya rasu take karɓar fanshon takaba tun tana shekara 60, ita ma awon yana kanta har ta cika shekarunta. Hajiyar da ta dawo ta buɗe shagon atamfa ko ɗakin shan magani tana zama daga safe zuwa la'asar, a gaya mata.

Za a ce, kuma gaskiya ne, kuɗin da aka riƙe ba su ɓata har abada ba. Idan mutum ya cika 67, hukumar tana sake lissafi, ta cire watannin da ba ta biya shi ba daga cikin watannin da aka yi masa ragi a kansu, sai fanshonsa ya ɗan ƙaru har ƙarshen rayuwa. Amma a duba girman ƙarin. Ga mai dala 2,000 cikakke, kowane wata da aka riƙe yana ƙara masa dala takwas da 'yan kai. Wata goma sha biyu, dala 100 a wata: daga 1,400 zuwa 1,500. Kafin dala 100 ta cike ramin dala 16,800, sai an yi wata 168, shekara goma sha huɗu, yana da shekara 81. Allah ya ba da tsawon rai, amma ba na jin akwai mai hankalin da zai tsara cefanen gidansa a kan wannan. Tarar kuwa ba ta dawowa ko kaɗan.

Abin yi ya danganta da inda mutum yake tsaye. Wanda bai fara karɓa ba kuma ya san aiki zai yi sosai in ya dawo, ya bar fanshon tukuna. Duk watan da ya jira ƙari ne a kansa, babu takarda, babu bashi. Wanda ya fara bai cika wata goma sha biyu ba, yana da damar janye buƙatarsa sau ɗaya da takarda mai lamba SSA-521, ya mayar da abin da ya karɓa, a koma kamar bai taɓa nema ba. Wanda ya riga ya yi nisa kuma yana son taimaka wa garinsu, ya tsara aikin a rubuce yadda ba zai wuce awa 45 a wata ba, takardar ɗaukar aikin ta faɗi haka da adadi, ya kuma ajiye ɗan littafi yana rubuta ranar da ya fita da lokacin da ya dawo. Tunda wata-wata ake awon, akwai kuma dabarar tara aiki wuri ɗaya: wanda zai yi noman kasuwa da kansa ya san Yuni zuwa Oktoba sun tafi, ya sanar tun da wuri, ya karɓi sauran wata bakwai lafiya. Sai dai ya fara zama da biro ya ga ko amfanin gonar zai kai dala 7,000 da zai saki, in fanshonsa kamar na Alhajinmu ne. Sau da yawa amsar ita ce a ba ɗan'uwa hayar gonar har shekarun su cika.

Ranar cikar kuma a dubo ta a takarda, kada a dogara da lissafin gida na cewa an haife shi shekarar kaza da aka yi abu kaza. Hukumar ranar haihuwar da ke cikin kundinta kawai ta sani. Da yawa daga cikin mutanenmu an rubuta musu 1 ga Janairu lokacin yin fasfo, don ba a san ainihin ranar ba. A ƙa'idarsu, wanda aka haifa 1 ga Janairu ana lissafa shi da shekarar da ta gabata. Mai 1 ga Janairun 1960 ana ɗaukarsa ɗan 1959, cikar shekarunsa 66 da wata goma ce, ba 67 ba. Mai 1 ga Janairun 1964 kuwa zai cika a Disambar 2030. Kowa ya shiga shafin ssa.gov ko ya rubuta wa sashen hukumar mai kula da mazauna waje a Baltimore, a ba shi watansa a rubuce. Daga wannan watan ya riƙe makarantar, ya buɗe gidan kajin, ya kwana a kara in yana so. Kafin watan, kada ya karɓi mabuɗin ofis ko na shago sai ya ƙirga awoyin kuma ya sanar.